Ana gama ciniki, da na tura akawun sai a ɓace

Maman Twins: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Atamfa da leshi nake sayarwa a WhatsApp da Instagram, a Kwari nake sarowa, wata bakwai kenan. Jarin ma sarƙar lefena na sayar, don tun da muka dawo Kano daga Gusau ba na aikin komai, ga uwar mijina kullum cewa take ina zaune ina danna waya. A tambayi kuɗi, a yi ciniki har a daidaita, da na tura akawun sai shiru. Jiya wata 'yar Bauchi ta zaɓi turmi uku, can da daddare ta rubuto wai in yi haƙuri tsoro take ji. Wallahi ban runtsa ba.

Hajiya Mai Leshi: Wa alaikumus salam. Akawun ɗin sunan wa yake fitowa?

Maman Twins: Na maigidan ne Hajiya, nawa an rufe saboda sunan BVN da na NIN bai zo ɗaya ba.

Hajiya Mai Leshi: To ai ga ciwonki nan 'yar nan. Mace ta wuni tana hira da mace, ta zo tura 54,000 sai ta ga sunan namiji ya fito, ko ni ce guduwa zan yi. Haka 'yan damfara suke yi. Ki je ki gyara sunan, in da hali ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ki buɗe akawun da shi, sunan shafinki da na akawun su zama ɗaya. Sannan hotunanki, ke kika ɗauka ko na dila ne?

Maman Twins: Na dila ne, amma ai sun fi kyau, wayata ba ta da kyamara mai kyau. Kuma maigidan mutumin kirki ne, bai taɓa cin kuɗin kowa ba.

Hajiya Mai Leshi: Ta Bauchi ta san shi ne? Hoton dilan nan mata ashirin sun ɗora shi a sitatus yau. Ki ɗauki takarda ki rubuta sunan kwastoma da kwanan wata, ki ɗora a kan turmin, ki yi bidiyo kina warware shi a rana, hannunki a ciki, tambarin da ke bakin zanen ya fito. Mai damfara ba shi da kayan, ba zai iya wannan ba.

'Yar Zariya: Ni dai ki yi biya in kaya ya iso, shi ne kawai maganin tsoro. Da shi na tara kwastomomina.

Baban Amira: Kada ki soma! Na aika takalma Jos haka, mutumin ya kashe waya, direba ya dawo min da kaya bayan kwana biyar kwalin duk ya jiƙe, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Wani kuma alat na bogi ya turo min, har yau ina da lambarsa, Allah ya isa.

'Yar Zariya: Cikin gari nake nufi malam, da mai keke na amana.

Hajiya Mai Leshi: Wajen gari rabi za a karɓa. Kuma kafin ki tura akawun ki rubuta komai a saƙo ɗaya. Misali na Bauchin nan: turmi uku 54,000, kuɗin mota na mai saye ne kuma ki faɗi nawa, kaya zai tashi daga tashar Unguwa Uku gobe da safe, zan turo lambar direba da hoton mota da hoton ƙullin da sunanki a jiki, in zane ya zo da aibu a mayar cikin kwana biyu muddin ba a yanka ba. Ta ba da 27,000, in ta ga kayan a mota ta cika. Wannan "in sha Allah zai iso" babu rana babu lokaci, shi ke sa gaban mutum faɗuwa.

Ummu Khalil: Yar uwa ki rage farashi kawai, mutane ba kuɗi yanzu.

Baban Amira: Araha ma ai ita ce ke ƙara tsoratarwa. Ni tambayata, kina amsa saƙo da wuri?

Maman Twins: Gaskiya wani lokacin sai dare, ga yara biyu ga girki. Amma ai mai son kaya zai jira.

Hajiya Mai Leshi: Kafin biya zai jira. Bayan ya biya, awa uku na shiru ya isa ya ɗora hotonki a gurup ya ce ɓarauniya. Ki sauke WhatsApp Business, akwai Away message, ki sa "ina amsawa ƙarfe 10 na safe da 8 na dare", kuma ki riƙe lokacin ko tuwo na kan wuta. Duk wadda kaya ya isa, ki roƙi izininta ki ɗora saƙonta, ki rufe lambarta.

'Yar Zariya: Sikirinshot ɗin nan fa ana ƙirƙira Hajiya, ni sai na ji muryar mutum nake yarda. Kuma rabi-rabin nan idan ta ƙi cikawa mota ta riga ta tashi fa?

Maman Twins: Na gode duka. Maganar akawun dai sai na tuntuɓi maigidan, ya ce ba ya son kuɗi su rabu gida biyu. Ita ta Bauchin in sake mata magana ne ko in ƙyale ta?