Farashi mai tara a ƙarshe da tsadadden kaya

A muhawarar ƴan kasuwar Dole, ga abin da aka fi yarda da shi. Mai saye na fara karanta lambar hagu, shi ya sa 4.900 ke kama da jaka huɗu, ba biyar ba, wannan na aiki kan kayan da ake gwada farashinsu shago-shago, kamar caja ko takalmin roba. Amma shaddar jaka 50 in ka rubuta 49.900 ka rage mata daraja wallahi, Alhajin da zai ɗinka ta salla sai ya zaci ragowa ce ake son kaɗarwa, kuma sai an nemo canjin dala ashirin. Wata Hajiya ta ce tara sai lokacin ragi, a rubuta tsohon farashin a gefe.