Wai in dai MP4 ne ko'ina zai buɗe?

Nura: Jama'a ni fa na daina wahalar da kaina, in dai ka fitar da aiki a MP4 an gama, kowace na'ura za ta buɗe. Kuma a zaɓi HEVC kawai, nauyi kaɗan hoto tas. H.264 ya tsufa

Malam Bala: Nura maganarka biyu ce kuma ta biyun ta rushe ta farkon. MP4 buhu ne kawai, talabijin ba ruwanta da buhu, abin da ke ciki take dubawa, hoton da wane kodek aka matse shi, sautin da wane. H.264 tun 2003 yake shi ya sa kusan duk wayar Android da talabijin mai cin filash suna da shi a jikinsu, HEVC kuwa sai 2013 ya fito, talabijin ɗin da ta riga shi fa ina za ta san shi

Nura: Amma Malam duk wanda na fitar ina gwadawa a laftof yana tafiya lafiya lau

Malam Bala: Da VLC ko? Ai VLC da nasa kodek yake yawo, kusan komai ka ba shi zai buɗe, ba shaida ba ce. Ka sa a filash ka soka a tsohuwar talabijin, nan ne gwaji

Zainab: Wallahi ya faru da ni. Bidiyon kamu na haɗa wa wata amarya a CapCut, a wayarta yana yi, aka kai gidan iyayenta aka sa a talabijin sai kiɗa kawai ke tashi allo baƙi ƙirin. Na saka fayil ɗin a MediaInfo sai ga HEVC, Main 10. Na sake fitarwa da H.264 ya buɗe nan take

Malam Bala: Yawwa Zainab, alamar kenan. Sauti ba hoto, kodek ɗin hoto ne. Hoto ba sauti, duba sautin, sau da yawa AC-3 ne ko makamancinsa aka kai wa waya, maida shi AAC. In kuma yana buɗewa amma yana tsinkewa waya na ɗaukar zafi, to ta rasa mai karanta shi a jikinta tana ta fama da farosesa ne, ko girman ya fi ƙarfinta. Kuma ko H.264 ɗin ma akwai tarko, in ya fita 10-bit ko 4:2:2 yawancin na'urori ba sa ci, sai 8-bit 4:2:0. Ni ga abin da nake yi wa duk aikin da zai fita hannuna

```
ffmpeg -i biki.mp4 -vf scale=-2:1080 -r 30 -c:v libx264 -profile:v high -level 4.1 -pix_fmt yuv420p -crf 21 -c:a aac -b:a 160k -movflags +faststart biki264.mp4
```

sai dai in asalin HDR ne kamar na sabbin iPhone wannan kaɗai zai fito da kala a koɗe, a fara maida shi SDR a manhajar haɗawa

Ɗanjuma: Ku duk kuna wahala, ni suna nake canzawa, in .mkv ne na goge na rubuta .mp4

Zainab: Haba Yaya Ɗanjuma, ai cikin bai canza ba

Nura: To na ji, amma ku yi adalci. Mutane data suke ji, kuma filash ma. Biki awa biyu a H.264 nawa zai ci?

Malam Bala: Nan kana da gaskiya, HEVC ya fi matsewa. Lissafa, 8 Mbps awa ɗaya wajen 3.6GB ne, awa biyu ya haura 7GB, kuma in filash ɗin FAT32 ne, wanda shi tsofaffin talabijin suka fi ganewa, fayil ɗaya ba ya wuce 4GB. Sai ka raba ɗaurin aure daban dina daban, ko ka sauko 720p. Ni gara na raba da a kira ni da dare ana cewa bai buɗe ba

Sani Danlod: Ku zo shagona ku ga tsofaffin na'urori na gaske. Mai DVD mai ramin filash da yawansu H.264 ɗin ma ba sa ci, sai AVI na Xvid kuma kar ya wuce 720x576. Masu ƙananan wayoyi na maɓalli kuwa 3GP nake tura musu ko MP4 ɗan ƙarami 320x240. Wannan fayil ɗaya da zai yi wa kowa ni dai ban taɓa ganinsa ba

Nura: Kun gani? Tunda dole a yi kwafi biyu, ni HEVC zan ci gaba da bai wa masu sabbin wayoyi, wanda ya ce talabijin zai sa na yi masa H.264

Zainab: Matsalar amarya ba ta gaya maka inda za a kai shi, ita ma ba ta sani ba, daga wayarta ta Xender zai bi dangi har ƙauye

Nura: To sai na riƙa tambaya kafin na fitar. Sani turo min saitin Xvid ɗin nan, akwai wani kawuna mai irin DVD ɗin