Bibiyar saƙon murya a Agege

Malaman aikin jarida da suka tattauna batun binciken ɗalibai a Legas sun fi karkata ga maudu'i ɗaya: yadda saƙon murya na WhatsApp ke yaɗa jita-jita tsakanin matasan Agege ko Idi-Araba. Shawararsu, a ɗauki unguwa ɗaya, a tattara saƙonni 30 cikin wata guda da izinin masu wayoyin, a rubuta ranar isowar kowanne, sannan a duba ko rediyo ya tabbatar ko ya ƙaryata shi. Inda ake tuntuɓe shi ne takardar tambayoyi da Turanci: mai acaɓa zai amsa ne don kunya kawai. Hira da Hausa a majalisa ta fi, amma a ware 'yan mata daban, domin gaban maza shiru suke yi.