Abin da aka tattauna kan neman batun bidiyo a akwatin bincike

Ga taƙaitaccen abin da masu harhaɗa bidiyo daga Garwa, Marwa da Injamena suka faɗa.

1. An yi ittifaƙi cewa a fara rubuta rabin jimla a akwatin binciken YouTube, kamar “yadda ake”, a bar shi ya ƙarasa, domin shawarwarin da yake kawowa suna fitowa ne daga abin da mutane suke nema. Wani ya ce a yi hakan a shafin sirri na burauza, in ba haka ba tsohon bincikenka zai cuɗanya da na jama'a.

2. A gwada rubutu iri-iri, domin yawancin mutanenmu ba sa sanya ƙugiya a haruffa, wasu kuma da Faransanci suke nema. Wata mai koyar da girki ta gwada “ƙosai”, “kosai” da “beignets koki”, kuma kowanne ya kawo shawarwari daban.

3. Kan Google Trends, shafin Google mai nuna yadda ake yawan neman kalmomi, ra'ayi ya rabu. Wasu sun yaba masa wajen kwatanta kalmomi biyu, wasu kuma sun ce kalmomin Hausa a Kamaru da Cadi sukan fito babu isassun bayanai. Ma'auninsa na 0 zuwa 100 kwatanci ne kawai, ba adadin masu bincike ba.