Na cire kutse daga hoton rukuni, amma layukan bango sun karkace

Salam. Wani ya kutso cikin hoton rukuninmu, kansa da kafaɗarsa sun bayyana tsakanin mutum biyu na layin baya. Bangon da ke bayansa na bulo ne.

A Photoshop na zagaye shi da Lasso, na faɗaɗa zaɓin da fiksel 5, sannan na buɗe Content-Aware Fill. Da farko sai ya kwaso kunnen na kusa da shi ya liƙa a gurbin. Na goge mutanen duka daga koren wurin da yake ɗibar samfuri, na bar masa bango kaɗai. Kunnen ya tafi, amma layukan bulon ba su haɗu ba, kuma bulo ɗaya mai tsaga ya maimaitu sau uku a jere.

Na bi da Clone Stamp, sai wurin ya yi sumul, ya rasa tsakin da sauran hoton ke da shi, gefen gashin matar hagu kuma ya fara cinyewa. Wannan ya fi damuna.

A 100% aibin a fili yake, a girman waya da kyar ake gani. A wane girman dubawa kuke yanke hukuncin cewa gyaran ya isa haka?