Benen da ke jingina da baya a renda: yadda kowa ya fita

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Wani Alhaji ya ba ni aikin bene mai hawa uku ban da ƙasa, tsayinsa mita 13, shaguna a ƙasa. Na yi renda, wato hoton ginin na kwamfuta, a manhajar Blender na tura masa, sai ya kira ni ya ce me ya sa gidansa ke tsukewa a sama kamar dala, ko na rage masa ɗakuna ne? Wallahi ban rage komai ba, ɗaga kan kyamara kawai na yi don saman ginin ya shigo. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Ɗan Kusiri: Wa'alaikumus salam. Ni da ta same ni sai na ɗage kyamarar gaba ɗaya zuwa mita 6, tsakiyar ginin, ta kalli gaba sak. Bango ya miƙe tsaf, magana ta ƙare.

Malamin Marwa: Ƙanena, bango ya miƙe, amma wa ke tsayawa a mita 6? Nima na yi haka a farkon koyona, sai na ga ina kallon rufin motoci da kawunan masu wucewa, ƙasan baranda kuma ya ɓuya. Ido yana gane wannan nan take, shi ya sa ginin ke zama kamar ɗan samfurin kwali. In da gaske akwai soro a tsallaken titi da mai hoto zai hau, to, an yarda.

Ɗan Garwa, sauke kyamara zuwa mita 1.6, ka sa `Rotation X` a 90 cif, kada ka ƙara taɓa shi. Muddin kyamara ba ta ɗaga kai ba, layukan tsaye ba za su haɗe ba. Mita nawa ne daga bangon zuwa inda mutum zai tsaya?

Ɗan Garwa: Kamar 15, Malam. Amma da na sa 90 ɗin saman ya yanke, rabin hoton duk ƙasa ce.

Malamin Marwa: Dole. Bari mu lissafa. Sa `Focal Length` a 24, hoto 3000 da 2000. Faɗin sensa milimita 36 ne, tsayinta 24, wato 12 sama da tsakiya. Daga mita 15 za ka ga mita 7.5 sama da idonka, hoton ya tsaya a mita 9.1, gininka kuwa 13 ne. Maganin shi ne `Shift Y`, wanda ke zame firam sama ba tare da kyamara ta motsa ba. Blender na auna shi da gefen da ya fi tsawo, saboda haka 0.25 milimita 9 ke nan. Yanzu saman hoton ya kai mita 14.7, ga ɗan sararin sama, ƙasa kuma gindin bango ya shigo da ƙyar. Ina tsayawa a 0.33, domin gilashin TS-E 24 na Canon da masu hoton gine-gine ke amfani da shi iyakar zamewarsa milimita 12. Wuce nan kwamfuta za ta yarda, sai dai hawan ƙarshe ya yi ta miƙewa kamar an ja roba.

Hajiyar Njamena: Ni fa a waya nake gyara nawa, in ja kusurwoyin hoton har su daidaita.

Ɗan Kusiri: Hajiya, ba hoton waya ake nufi ba, ginin ko tubali ba a aza ba.

Hajiyar Njamena: Au, to yi haƙuri. Amma ko renda na taɓa ja haka, gefe ya yanke, ƙofofi suka gajarce. A SketchUp nake aiki, yanzu `Two-Point Perspective` nake dannawa. Tarkonsa ɗaya: da zarar ka juya da `Orbit` ya fita, sai ka adana shi a `Scene` tun da wuri.

Ɗan Ngaundere: Ni ban son 24 ɗin nan, yana kumbura gini. Na taɓa sauka har 17, tayar motar da ke gefe ta koma ƙwai. Yanzu 50 nake sawa in ja baya mita 35.

Malamin Marwa: Ba gilashin ke kumbura shi ba, kusanci ne. Daga wuri ɗaya, 24 da 50 siffa ɗaya suke ba gini, yanka ne ya bambanta. Kuma mita 35 a titin mita 15, ai kana cikin ɗakin maƙwabci.

Ɗan Ngaundere: Na ji, Malam, amma Alhaji gidansa yake son gani, ba ruwansa da inda na tsaya. Kuma doguwar fuskar gini in ta miƙe sak sai in ga kamar samanta ya fi faɗi, shi ya sa nake barin `Rotation X` a 91.

Malamin Marwa: A hawa goma zan iya yarda, a uku a'a.

Ɗan Garwa: Na gwada 0.25, ya miƙe. Sai dai darbejiyar da na dasa a gaba ta rufe hawa na biyu. In matsar da ita ko in matsa ni?