In sarki da ciyaman sun sa hannu, sauran wa kuma?

Sanusi Kwangila: Jama'a ni hwa ban ga amfanin wanga abu da ake cewa sai an zauna an zana wa zai ci riba, wa zai yi asara, wa zai iya tare aiki ba. Ƙaramin dam ɗin da za a yi mana, sarki ya yarda, ciyaman ya yarda, ɗan majalisa ya sa shi a kasafi. Sauran duk cin kuɗin masu bincike ne kawai.

Injiniya Bello: Sanusi kai da kake ɗan Mafara kake faɗin haka? Dam ɗin Bakolori da ke kusa da ku ma ai manya duk sun yarda. Gwamnatin tarayya ce ta kawo aikin, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, aka gama dam ɗin a 1978, babu wani mai muƙami da ya tare hanya. Waɗanda suka tare ta manoma ne, waɗanda aka hana su noma ana baje gonakinsu da katafila ana yanka kanal, damina ta zo ta wuce wata ta zo ta wuce, itatuwansu an tumɓuke, diyya kuma shiru. Suka datse hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu, mutanen wurin har yau ɗaruruwa suke cewa. A takarda babu wanda ya ɗauki talakan Birnin Tudu, ƙauyen da abin ya faru, a matsayin mai iya tsayar da komai.

Sanusi Kwangila: Wancan ai rashin biyan diyya na. A biya kowa haƙƙinshi a wuce wurin, mi ya kawo wata taswira?

Injiniya Bello: To "kowa" ɗin nan shi ne rigimar, wa ke cikinsa? Dokar filaye ta 1978 ba ƙasar kanta take biya ba, abin da ke kanta ake ƙiyastawa, shuka, itace, gini, rijiya. Ma'aikacin da ya zo ƙidaya mai gari zai nema, mai gari ya ce gonar wane ce, a rubuta wane. Wanda ke noma ta da aro ko jinga shekara da shekaru ba ya cikin lis. Bafulatanin da mashayarsa ke wurin ba ya ciki. Kuma duk wannan a cikin iyakar aikin ke nan, ba a ma fita wajenta ba.

Hajiya Rabi: Ku ƙara da mu. Unguwarmu mata da yawa da gumi suke riƙe gida, su sayi shanshera daga fadama su turara su shanya su kai inji su sayar. Ba su da ko taki ɗaya na gona, to wa zai rubuta su? Ran da fadama ta daina ba da shinkafa tukunyarsu ce ke fara sanyi. An yi taron dam ɗin nan a ƙofar fada, ni daga bayan katanga na ji lasifika, mace ko ɗaya ba a kira ba sai shugabar matan jam'iyya, ita ko a Gusau take zaune.

Ɗan Kabi: Ni daga Argungu nike kallonku ina dariya, ku kuna ta mutanen da ruwa zai ci, mu kuma na ƙasa ruwan ne ba ya zuwa. Gulbin Sakkwato da aka datse a Bakolori shi ke haɗuwa da Rima ya biyo ta wajenmu ya wuce Birnin Kebbi. Fadama da ambaliya take rayuwa, ruwa ya hau ya kwanta ya bar laka da danshi, a yi shinkafa da damina, da rani a bi da albasa da tumatir, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai Sarkawa su samu. In aka rage ambaliyar duka ukun sun taɓu lokaci guda kuma babu wanda aka karɓe wa gona balle ya ce a biya shi.

Injiniya Bello: Haka aka gani a ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin, gonakin shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani ya ja baya don ruwan ƙasa ya yi nisa, rijiyar lambu ta daina kaiwa. Abin lura kuma su ba su tare hanya ba. Suna warwatse tsawon gulbi, asararsu a hankali ta zo, kowa na ɗauka shekarar ce ba kyau, kuma ba su da wata ƙofa guda da za su je su zauna a kai. Shi ya sa tambaya biyu ce daban Sanusi, wa ya fi asara, da wa ke iya tsayar da aiki. In ta biyu kaɗai ka bi za ka lallashi masu iya datse hanya ka bar waɗanda suka fi cutuwa.

Abu Maradun: Duk laifin gwamnan Zamfara ne wallahi, ba ya kula da talaka

Ɗan Kabi: Abu lokacin ko jihar Zamfara babu, sai 1996 aka yi ta. Kuma dam ɗin na hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ne, ta tarayya, ko yau gwamna ba shi ke da makullin ƙofar ruwa ba.

Malam Umaru Sakatare: To a nan ni ina ba Sanusi gaskiya rabi. Na yi aikin ƙaramar hukuma, na ga irin rahoton nan, tebur mai gida huɗu, masu ƙarfi a sama marasa ƙarfi a ƙasa, a buga a sa a durowa. Ban taɓa ganin ya canza tsayin bango ko inda kanal zai bi ba. Kuma abin da na ga yana kashe aiki ba manomi ba ne, wanda ke sakin kuɗi ne, a sa a kasafi a saki kaɗan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, ko a yi zaɓe sabon ɗan majalisa ya ce ba aikinsa ba ne.

Injiniya Bello: Malam ai shi ma mai sakin kuɗin yana cikin zanen, kowa da lokacin da ƙarfinsa ke aiki. Na ofis kafin a fara, masu gona ran da katafila ta iso, makiyayi bayan an gama in ya tarar an toshe burtali ya bi ta cikin kanal, manoman ƙarshen kanal kuma in ruwa bai kai musu ba sai su fasa shi da dare. Teburin da kuka sa a durowa daga rajistar mahalarta taro aka cika shi, alamarsa kuwa za ka ga duk masu muƙami ne kuma kowa riba zai ci. Yadda ake yi, ruwan ake bi da ƙafa daga sama har inda tasirinsa ya ƙare, kowane ƙauye a tambayi mi suke samu a rafin wata-wata, da rani a sake komawa don lokacin ne baƙin shanu ke saukowa. Kuma ba a tambayar mai aron gona a gaban mai gonar.

Malam Umaru Sakatare: Da ƙafa? A Zamfarar yanzu? Wa zai shiga dajin ya tambayi makiyayi, kuma wane ardo ne yau zai ce maka yana magana da yawun kowa?

Injiniya Bello: Wannan kam ba ni da cikakkar amsa. Ranar kasuwa a kara ana samun wasu, amma ba duka ba.

Sanusi Kwangila: In kun rubuta kowa kun ba kowa baki, aikin wata shida zai koma shekara biyar, siminti ya ninka kuɗi, mutanen gari na nan suna sayen ruwa a jarka. Su ma ai masu asara na in ba a yi ba.

Hajiya Rabi: Babu wanda ya ce kar a yi. Ni dai a gaya min ƙofar dam ɗin, wa zai riƙa buɗe ta, wane wata, kuma in na ƙasa sun ce a saki ruwa na sama sun ce a'a wa zai raba?

Sanusi Kwangila: Wannan ba ya cikin takardar kwangila Hajiya, ni bango aka ce in gina.